Na sayi man shafawa a Instagram, ina zargin jabu ne: ku taya ni dubawa

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taya ni duba wani abu da ya hana ni sukuni tun shekaranjiya. Akwai man da nake shafawa kusan shekara huɗu, na wani kamfanin waje, farar roba mai famfo, mil 400. Ba na bilicin ba ne, na laushi ne kawai, don ina fama da bushewar fata, balle in hunturu ya kama. A shagon da na saba saye yanzu naira 14,000 ne. Makon jiya na ga wata ta sa shi a shafinta naira 6,500, ta ce rage kaya take yi za ta bar gari. Na tura mata kuɗin guda biyu, mai babur ya kawo min har gida. Kwana uku ina shafawa sai wuyana da cikin hannuna suka fara ƙaiƙayi, ga wasu ƙananan ƙuraje kamar na zafi. Abin da ya fi tayar min da hankali, har Ilham na shafa wa sau ɗaya. Robar dai iri ɗaya ce da wadda na sani, har lambar NAFDAC tana jiki. Jabu ne, ko jikina ne ya canza?

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Indai akwai lambar NAFDAC ai ba jabu ba ne Maman Ilham. Ni ita kaɗai nake dubawa. Wataƙila zafi ne, kin san yanayin nan.

Anti Bilki mai kemis: Maman Ilham, kafin komai ki ajiye shi, kar ke ko yarinyar ku sake taɓawa. Amma kar ki zubar, za mu buƙace shi. Ki wanke wurin da ruwa da sabulu marar ƙamshi, ki shafa basilin zalla. In kin ga fuska ko leɓe ya kumbura, ko wurin ya fara ruwa, asibiti za ki tafi ba ki jira mu ba.

Ummu Sadik, da haka ne da mun huta. Mai iya buga tambarin kamfani da launinsa da komai, lamba shida ko bakwai ce za ta gagare shi? Kwafa yake yi daga jikin na gaske. Rashin lambar yana gaya miki wani abu, amma ganinta bai isa shaida ba.

Maman Ilham, tsohuwar robar da ta ƙare tana nan?

Maman Ilham: Tana nan Anti, Allah Ya sa ban jefar ba, akwai ɗan saura a ƙasa da nake tatsa.

Anti Bilki mai kemis: Alhamdulillah, ita ce babbar shaidarmu. Ki fito da su tsakar gida inda akwai haske, ki jera su gefe da gefe. Kar ki tsaya kan gaban robar, nan ne suka fi ƙoƙari. Juya bayanta ki karanta ƙananan rubutun layi-layi, kina haɗawa da na tsohuwar. Sannan ki kifa su ki dubi gindinsu, ki gaya min abin da kika gani. A ƙarshe ki matsa kaɗan daga kowanne a kan farin faranti, ki shinshina.

Zee Kayan Gyara: Ni fa gaskiya abin nan yana min ciwo. Duk wadda ta sayar da abu da sauƙi a onlayin sai a ce jabu ne. Mu ba ma biyan hayar shago, ba ma biyan yaran shago, dole kayanmu su fi araha. Ba kowa ne macuci ba.

Alhaji Sani Sabon Gari: Zee, gaskiyarki ce ba kowa ba, amma bari mu yi lissafi, don ni shekara goma sha bakwai ina wannan harkar. Man da ake sayarwa 14,000 a shago, mu a sari ba zai zo mana ƙasa da 11,500 ko 12,000 ba, ko da katan goma ka ɗauka. Ribar kayan kamfani siririya ce. Ke da ba ki biyan haya za ki iya sayarwa 13,000, in kin matsu ma ki sayar yadda kika saro. To amma 6,500? Wato ta ɗora wa kanta asarar dubu biyar a kowace roba, kuma tana tallata shi da murna? Wanda zai bar gari mu yake kawo wa kayansa mu kwashe gaba ɗaya a rana guda, ba ya zama yana sayar da ɗai-ɗai da rabin kuɗi. Araha ba ta ado, haka iyayenmu suka ce.

Maman Ilham: Na duba Anti. Ga abin da na gani.

Rubutun baya na tsohuwar siriri ne, baƙi ƙirin, ko'ina a fili. Na sabuwar ya ɗan yi kauri, kamar tawada ta baje, akwai wurin da haruffa biyu suka manne. Takardar da aka liƙa ta ɗan karkace, kuma gefe ɗaya ya fara ɗagowa. A gindin tsohuwar akwai wasu lambobi da haruffa da aka buga da ɗigo-ɗigo a jikin robar kanta. A sabuwar babu komai a gindi, lambobin suna jikin takardar, an buga su tare da sauran rubutun. Famfon sabuwar yana girgiɗi. Man kuma, tsohon yana da kauri, in na matsa yana tsayawa a faranti. Sabon yana malala, ga ƙamshi mai ƙarfi da ke hawa kai, ƙasansa kuma kamar warin roba. Wallahi sai yanzu da na haɗa su na ji bambancin, da hancina bai kama ba.

Anti Bilki mai kemis: To kin gama aikin da kanki. Wanda ya fi ƙarfi a cikin duka shi ne na gindin nan. Wannan ɗigo-ɗigon lambar rukuni ce. Kamfani yana buga takardar jiki dubbai tun kafin a dama man, ita ba ta canzawa. Ranar da aka ɗura man a roba, sai inji ya fesa lambar wannan rukunin da kwanan wata, don in matsala ta taso su san kayan wace rana za su janye daga kasuwa. Shi ya sa take zuwa daban, da tawada daban ko a ƙone ta a jikin roba ko a matse ta a bakin tub. Mai jabu shi hoton takarda ya ɗauka ya kai wa mai buga takardu, sai komai ya fito lokaci guda, har da kwanan watan. Idan kaya mai kwali ne, lambar da ke kwalin dole ta zama ita ce a jikin kwalbar. In sun saɓa, an sauya wani abu a hanya.

Ƙamshi mai ƙarfin nan kuma turare ne mai arha aka zuba da yawa don ya rufe warin abin da aka dama. Ina kyautata zaton shi ne ya ba ki ƙaiƙayi, ko kuma maganin hana lalacewa da aka zuba ba awo. Amma ba zan iya rantsuwa a kan abin da ke ciki ba, wannan sai ɗakin gwaji.

Hauwa Jidda: Ni dabarata bakod ce, layukan nan baƙaƙe masu lambobi a ƙasa da ke jikin kaya. Ina ɗauka da waya, in sunan kayan ya fito to orijinal ne. Kuma lambobin farko suna nuna ƙasar da aka yi shi, 615 Najeriya, 50 Ingila, in kin ga 690 zuwa 699 to Chaina ne, ki gudu.

Anti Bilki mai kemis: Hauwa, lambobin da kika kawo daidai ne, amma abin da suke nufi ya ɗan bambanta. Suna nuna ƙasar da kamfani ya yi rajistar lambar ne, ba lallai inda aka dama man ba. Kamfanin Ingila zai iya yin kayansa a wata ƙasa da lambarsa ta 50. Sannan duk robobin wannan man lambarsu ɗaya ce, ko miliyan nawa ne, don haka mai kwafa ya kwafa har da ita. Ki gwada ta Maman Ilham, na tabbata sunan na gaske zai fito. Inda take da amfani shi ne in kin ɗauka sai sunan wani abu daban ya fito, ko ta ƙi karantuwa saboda layukan sun cakuɗe. Kuma Chaina ba ita ce jabu ba, manyan kamfanoni da yawa can ake yi musu kaya.

Maman Ilham: Na gwada, sunan na gaske ya fito kuwa.

Fati Mai Kwalliya: Maman Ilham ke kin ma yi sa'a, taki takarda ta tona musu asiri. Mu a wajen kwalliyar amare wanda ya fi ba mu wahala shi ne kwalbar gaske, abin ciki na ƙarya. Na taɓa sayen fandeshon mai tsada, kwalba ta gaske, lambar gindi ta gaske, kwali ma lafiya. Sai da na shafa wa amarya, kafin a kai ga ɗaukar hoto fuskar ta koma ruwan lemo, tana tsagewa a gefen hanci. Da na koma gida na duba da kyau, bakin kwalbar akwai busasshen tsohon fandeshon a cikin zaren murfi, launinsa ma daban da na ciki. Kwalbar wani ce aka sake cikawa. Tun ranar duk abin da na saya sai na kwance murfin na dubi wuyansa. Sabo fil wuyansa tas yake.

Alhaji Sani Sabon Gari: Wannan gaskiya ne Hajiya Fati, kuma ku mata kuna taimaka musu ba ku sani ba. Kun ga yaran da ke bi gida-gida suna sayen kwalaben turare da robobin mai da ba komai ciki? Ba duka ake narkarwa ba. Kwalbar turare mai suna, da murfinta da kwalinta, tana da kuɗi. In abu ya ƙare ki fasa famfon, ki yage takardar, ki huda robar kafin ki jefar.

Bari in ƙara muku wani abu da ba kowane ɗan kasuwa zai faɗa ba. Kaya da yawa suna da daraja biyu ko uku a kasuwa, kuma mu mun san su. In kika zo kina ta "rage min, rage min", wani ba zai ce miki a'a ba, zai shiga ciki ya ɗauko wanda ya dace da kuɗinki. Ki tambaya kai tsaye: "Alhaji, na kamfani ne ko kwafi? In na kai gida na ga ba shi ba ne zan dawo da shi?" Ki ce ya rubuta miki a rasit. Mai tsoron Allah zai gaya miki gaskiya, marar tsoron ma in ya ji maganar rasit sai ya canza murya. Sannan ku lura da kwanan wata. Kayan da suka kusa lalacewa wasu suna goge kwanan da sinadari su buga sabo. Ki karkata robar ga haske, in wurin kwanan ya fi sauran jiki dishi-dishi ko ya yi kamar an kankare, ki ajiye.

Ummu Sadik: Innalillahi. To ita NAFDAC ɗin meye amfanin lambarta kenan?

Anti Bilki mai kemis: Tana da amfani Ummu Sadik, sai dai ba ita kaɗai ba. Kowace lamba ta kaya ɗaya ce tak, da sunansa da kamfaninsa. Masu jabun da ba su da wayo sukan ɗauko kowace lamba su manna. Yawanci ta kayan shafa tana farawa da 02 ko A2, ta magani 04 ko A4, ta abinci 01. In kin ga man jiki da lambar abinci, kin kama su. Kuma kayan waje da suka shigo ta ƙa'ida za ki ga sunan kamfanin da ya shigo da su da adireshinsa a Najeriya. Adireshin da za a iya zuwa, ba sunan gari kawai ba.

Alhaji Sani Sabon Gari: A nan zan ɗan saɓa miki Hajiya. Akwai kaya na gaske, gangariya, da ba su da lambar kwata-kwata. Mata nawa ne ke zuwa Saudiyya da Dubai su ciko akwati? Waɗannan daga kantin can aka saye su, sun fi wasu masu lambar kyau. Kuma mai iri ɗaya, wanda aka yi don kasuwar Turai da wanda aka yi don tamu, robarsu da ƙamshinsu kan ɗan bambanta, alhali duka na kamfani ne. Kar mata su ga bambanci kaɗan su ce mun cuce su.

Anti Bilki mai kemis: Maganar bambancin ƙasa na yarda Alhaji, kuma kamfanoni ma suna canza roba lokaci-lokaci. Shi ya sa alama ɗaya ba ta isa ba, sai sun taru kamar na Maman Ilham: kuɗi, lambar rukuni, rubutu, kauri, ƙamshi. Amma kayan akwati, ko na gaske ne, a doka ba su da rajistar sayarwa a nan, kuma in ya ƙona mutum ba wanda za a kama. Dubai ɗin ma akwai kasuwar kwafi. Mai saye ba ta da hanyar bambance wadda ta shiga babban kanti da wadda ta shiga lungu, duka "daga Dubai" za su ce.

Alhaji Sani Sabon Gari: Sai a koma ga amana kenan. Ni dai ba zan ce wa kwastomana ta bar kayan Hajiyar da ta sani shekara goma ba saboda lamba.

Anti Bilki mai kemis: Ni kuma ba zan sa shi a kemis ɗina ba. Kowa da inda ya tsaya.

Amaryar Bana: Salam, yanzu na shigo ban karanta duka ba. Don Allah tunda ana maganar mai, wanne ne orijinal mai sa haske da sauri? Bikina saura wata ɗaya. Akwai wata mai haɗi da ta ba ƙawata, kwana goma ta yi fes, amma 25,000 take sayar da ƙaramar roba. Tunda yana da tsada ai ba jabu ba ne ko?

Nas Rukayya: Ƙanwata, Allah Ya sanya alheri, amma ki tsaya ki saurare ni don Allah. Ba tambayar da ake yi ba kenan, sai dai taki ta fi ta Maman Ilham haɗari. Ita an kwaikwayi wani abu ne aka ba ta marar kyau. Haɗi kuwa ba shi da abin da za a gwada shi da shi: ba jerin sinadarai, ba lambar rukuni, ba kwanan wata, sai sitika mai sunan mai shi da lambar waya.

Fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta. Duk abin da ya sauya launin mutum cikin kwana goma, da wuya a ce babu ɗaya daga cikin abubuwa uku a ciki. Na farko sitiroid mai ƙarfi, irin tub ɗin da likita ke rubutawa don cutar fata a shafa na ɗan lokaci a ɗan wuri. Su matse tub biyar ko goma suke yi a cikin mai, a shafe jiki duka kullum. Hasken farko na matsewar jijiyoyin jini ne. Bayan watanni fata ta yi siriri, korayen jijiyoyi su fito, nankarwa mai faɗi ja ta tsage a hammata da cinya, ga ƙuraje da makero da ba sa jin magani. Mu a asibiti muna gane su tun daga wajen ɗinki, zare yana yaga fatar, ciwo ya ƙi haɗewa. Yana shiga jini kuma, yana iya tayar da suga da hawan jini. Na biyu haidurokwinon, wanda in an daɗe ana shafa mai yawa yake barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, wanda mata ke ɗauka ƙunar rana ce, su ƙara shafawa, ya ƙara baƙi. Na uku makuri, shi ba ya nuna kansa a fata da wuri, ƙoda da jijiyoyi yake ci, kuma yana kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa. Ke da za ki shiga gidan miji, wannan ya shafe ki kai tsaye.

Anti Bilki mai kemis: Ƙari a kan na Nas: dokar NAFDAC ta hana makuri da sitiroid a kayan shafa gaba ɗaya, haidurokwinon kuma kar ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Ga yadda ake rubuta su, ku adana a waya ku riƙa dubawa: Clobetasol, Betamethasone, Hydroquinone, Mercury, Calomel. Amma ku sani masu zuba su da yawa ba sa rubutawa, sai ma su cika jikin roba da hoton karas da gwanda da kurkum. Alama ɗaya da ido ke gani: man da ke da haidurokwinon in ya sha iska bakin robar yakan koma ruwan ƙasa.

Zee Kayan Gyara: Nas, ba duk haɗi ne haka ba. Ni nawa man kaɗanya ne da man kwakwa da zuma da kurkum, a gaban kwastoma ma zan iya haɗawa.

Nas Rukayya: In iya su ne Zee, to ba zai mayar da kowa fara cikin kwana goma ba, kuma na san ke ma ba za ki yi wannan alƙawarin ba. Tambayata ɗaya: akwai wani farin mai ko ruwa da kike saya a kasuwa ki zuba a ciki, wanda ba ke kika yi shi ba?

Zee Kayan Gyara: Akwai wani ɗan ruwa da nake ɗigawa, mai sayarwar ya ce na 'ya'yan itace ne. Gaskiya ba a rubuta abin da ke ciki ba. Zan tambaye shi.

Maman Walid: Jikina ya yi sanyi. Ni shekara biyu ina shafa haɗi, duk lokacin da na daina kwana uku sai fuskata ta yi ja, ta yi zafi kamar an watsa barkono, dole in koma. Mai haɗin ta ce jikina ne ya saba da mai kyau. Yau zan zubar da shi.

Nas Rukayya: Maman Walid, wannan da kika faɗa alamar sitiroid ce sosai. Amma kar ki yanke shi dare ɗaya ke kaɗai bayan shekara biyu, musamman in jiki duka kike shafawa. Jiki yana rage yin nasa sinadarin in ya daɗe yana samu daga waje, yankewa farat ɗaya na iya jefa mutum cikin kasala da jiri mai haɗari. Ki ɗauki robar ki je wajen likitan fata, in kina Kano akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki gaya masa gaskiyar tsawon lokacin, kar ki ji kunya, ba ke ce ta farko ba. Shi zai tsara miki yadda za ki sauka a hankali, ya duba suga da jininki.

Hadiza Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Mu nan Nijar ba mu da NAFDAC, kayanmu wasu daga Kano suke zuwa, wasu ta Kwatano da Lome, rubutun wani Faransanci wani Turanci. An ce mana ka ɗiga man a kofin ruwa, in ya nutse akwai makuri. Haka ne? Kuma in na gwada a hannu bai yi min komai ba, shi kenan lafiya?

Anti Bilki mai kemis: Hadiza, gwajin ruwan nan ba shi da tushe, nutsewa ko tasowa ya danganta da yawan mai da ruwan da ke cikin haɗin ne. Makuri sai na'ura. Gwajin hannu kuwa yana da kyau: ki shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu ko bayan kunne, ki bar shi kwana biyu kina dubawa. Amma abin da yake nunawa kawai shi ne ko fatarki za ta yi bori. Sitiroid ma kwantar da ƙaiƙayi yake yi, don haka zai wuce wannan gwajin lafiya lau. Sauran abubuwan da muka faɗa duk suna aiki a Maraɗi: lambar rukuni, jerin sinadarai, sunan kamfani da adireshi, kwanan wata. Akwai kuma ɗan hoton gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 12M ko 6M a ciki, wato watannin da zai yi bayan an buɗe. Ni da zan ba ki shawara, abin da za ki shafa a fuska ko ki shafa wa yaro, ki saye shi a famasi ko kanti guda da kika sani, ki riƙe su. Ba don ba a taɓa samun jabu a can ba, sai don suna da ƙofar da za ki koma ki buga.

Hauwa Jidda: To mu da ba ma iya fita kasuwa, onlayin ɗin haramun ne kenan?

Fati Mai Kwalliya: A'a, ni ma ina saye. Ga yadda nake yi. Ba na yarda da hoton da aka ɗauko daga shafin kamfani. Sai in ce ta ɗauko min bidiyon wanda za ta aiko, ta juya bayansa, ta nuna min gindinsa in karanta lambar, in rubuta. In ya iso in duba ko ita ce, a gaban mai kawowa, kafin in ɓare leda. Sabuwar mai sayarwa guda ɗaya nake fara saye, ba biyu ba, kuma na fi son biya in kaya ya iso. Ina duba ko shafin ya sha canza suna, Instagram tana nunawa a bayanin asusu, da ko ta rufe wurin sharhi. Hotunan yabo na WhatsApp da suke sakawa ba na kallonsu, kowa zai iya rubuta wa kansa da waya biyu. In kamfanin yana da shafi, ina tambayarsu su wa suka ba dillanci a Najeriya. Wadda ta ce "ba a bidiyo, in za ki saya ki saya", na bar mata kayanta.

Zee Kayan Gyara: Wannan na yarda da shi. Ni duk mai son bidiyo ina yi mata. Biya bayan kaya ya isa ne dai yake mana wuya, an sha mayar mana da kaya bayan mun biya kuɗin mota.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na yi wa matar magana da safe, na tura mata hoton robobin biyu. Da farko ta ce sabon fita ne kamfani ya canza. Da na tambaye ta lambar gindi sai ta ce ita ma sarowa ta yi, ba ta sani ba, za ta mayar min da kuɗin ɗaya in na dawo da wadda ban buɗe ba. Ƙaiƙayin ya ragu, Ilham kuma ba abin da ya fito mata, alhamdulillah. Yanzu ban san wanne zan yi ba. In mayar in karɓi 6,500 ɗina, na san wata za ta sayar wa.

Alhaji Sani Sabon Gari: Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa, da yawansu ba su san me suke sayarwa ba. Ki karɓi kuɗinki Hajiya, amma ki ce ta gaya miki wajen wa ta saro. Shi ne mai laifin.

Anti Bilki mai kemis: Ni da ni ce ba zan mayar ba. Wadda ba a buɗe ba ita ce shaidar da ta fi ƙarfi. Ki haɗa ta da hoton tallan, da shaidar tura kuɗi, da hirarku, ki kai ofishin NAFDAC na jiha. Maganar kuɗinki kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙorafin. Ba zan ce miki gobe za a kama kowa ba.

Maman Ilham: Zan yi shawara da Baban Ilham in ya dawo. Na dai ɗauki hoton shafin nata yanzu, don na ga ta goge tallan man. Anti, in zan kai, tsohuwar robar ma in tafi da ita?

Anti Bilki mai kemis: Eh, ki tafi da duka ukun, kowacce a ledarta daban.